Yadda Ake Duba Babban Littafin Ƙungiya: Zubi, Rance, Ragowa da Rabon Riba

Jawabin da aka gabatar wa wakilan ƙungiyoyin mata masu ajiya na yankin Birnin Kudu da Gwaram

  Waɗanda suka taso daga Sara, Basirka da Farin Dutse, da na Kantoga, Wurno da Sundimina, sannunku da hanya. 

Yau maganarmu a kan babban littafi take, wannan da sakatariya take rubutu a ciki duk ranar zama. Ba yadda ake rubuta shi za mu koya ba, wannan an riga an koya wa sakatarorinku. Yadda ake duba shi za mu koya, wato yadda mace da ba ita ta rubuta ba za ta zauna ta gane ko abin da ke ciki daidai ne. Na san akwai wadda za ta ce a ranta, ni da ban yi boko ba ina ni ina duba littafi? Inna, ki saurara. Wannan tsari na akwati da zubi da rabo da muke bi, a ƙasar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar aka fara shi a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. Ƙungiyar CARE ce ta fara shi da matan karkara Hausawa irinmu, aka sa masa suna Mata Masu Dubara, kuma da yawansu ba su karatun boko. Da ƙirge da haddacewa suka riƙe kuɗinsu. Daga can ne ya bazu zuwa ƙasashe masu yawa. Saboda haka wadda ta iya ƙirga canjinta a kasuwa ta iya rabin aikin nan.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, littafi ba ya shaidar kansa. Shaidunsa biyu ne: kuɗin da ke cikin akwati, da katin da ke hannun kowace mace. Duba littafi shi ne a kawo shaidun nan a ga ko bakinsu ya zo ɗaya da shi.

Bari mu ɗauki ƙungiya ta misali mu bi ta tun daga zama har ranar rabo. Mata 20 ne, suna zama mako-mako, hannu ɗaya Naira 500, kuma dokarsu ta ce mace tana iya zuba hannu ɗaya zuwa biyar a zama guda. Duk hannun da ta zuba ana buga mata hatimi ɗaya a katinta. Yau zamansu na 12.

Kafin a karɓi ko sisi, kafin ma masu makulli uku su buɗe kwaɗo, shugaba ta tambayi mata: nawa muka rufe akwati da shi wancan mako? A bar mata su faɗa da bakinsu tukuna, sannan sakatariya ta karanta. A misalinmu Naira 38,500 ne. Sai a buɗe, masu ƙirga su biyu su ƙirga a kan tabarma kowa na gani. In an sami 38,500, an tashi da ƙafar dama. In ba a samu ba, kada a ci gaba da zubi, domin da zarar sabon kuɗi ya hau kan tsoho, an ɓatar da sawu. Sannan a kalli littafi wuri biyu: ƙasan shafin wancan mako, da saman shafin yau. Lambar da aka rufe da ita, ita ce dole a buɗe da ita. Wannan ɗan taki daga shafi zuwa shafi, nan ne ragowa ta fi yin tuntuɓe, don a lokacin mata na shigowa, ana gaisawa, yara na kuka, sakatariya na rubutu da rabin hankali.

To, an yi zama. Mata sun zuba hannu 46, wato Naira 23,000. Masu rance sun dawo da 15,000 na uwar kuɗi. An karɓi 3,000 na abin da ake ɗorawa kan rance, da 300 na tarar makara. Abin da ya shigo yau ke nan Naira 41,300. In aka haɗa da 38,500 da aka tarar, ya zama 79,800. Sai aka ba mata biyu sabon rance, ɗaya 25,000, ɗaya 15,000, wato 40,000 ya fita. Ragowar da ya kamata a rufe akwati da ita Naira 39,800 ce. Lissafin ragowa kullum haka yake: abin da aka tarar, a ƙara abin da ya shigo, a cire abin da ya fita. Kuɗin taimakon juna, na suna da rashin lafiya da rasuwa, ba ya cikin wannan. Jakarsa daban, shafinsa daban, ƙirgensa daban.

Yanzu ga inda aikin yake. Masu ƙirga sun ƙirga sun sami 39,800, amma sakatariya ta ce littafi ya nuna 44,300. A irin wannan lokacin ne ake fara kallon-kallo, ma'aji ta fara zufa, wata daga baya ta ce dama ni na faɗa. Ku dakata. Kafin a kalli fuskar kowa, a kalli bambancin. A cire ƙarami daga babba: 44,300 a cire 39,800, saura 4,500. Wannan lambar ita za ta nuna muku inda za ku nema.

Ku haɗa lambobinta: 4 da 5, tara ke nan. Duk bambancin da lambobinsa suka haɗu suka ba da 9, ko 18, ko 27, to yana rabuwa gida tara ba saura, kuma sau da yawa hannu ne ya zame wajen rubutu, kuɗi na nan. Zamewar iri biyu ce. Ko dai an ƙara sifili ko an rage shi, ko kuma an juya lambobi biyu, ta gaba ta koma baya. A nan, in kin raba 4,500 gida tara a kalkuletar wayarki, za ki sami 500. Sai a bi gidan zubi daga sama zuwa ƙasa ana neman inda 500 ya zama 5,000. Ga shi nan a layin wata baiwar Allah da ta zuba hannu ɗaya. Sifili ɗaya ne ya yi yawa. Da ma an lura, dokar ƙungiya kanta ta isa ta tona shi, tunda hannu biyar ne iyaka, kuma hannu biyar 2,500 ne. Babu macen da za ta zuba 5,000 a zama ɗaya. Duk lambar da ta wuce 2,500 a gidan zubi, ko wadda ba ta tafiya ɗari biyar-biyar, kamar 1,200 ko 1,700, kuskure ce tun kafin a yi lissafi.

Juyin lamba kuwa, misalinsa shi ne a ɗauko 38,500 daga wancan shafi a rubuta 35,800. Bambancin 2,700 ne, 2 da 7 tara. A nan kuɗin akwati zai fi na littafi yawa. Kada ku yi murna ku ce albarka ce ta sauka. Rarar da ba a san asalinta ba matsala ce daidai da giɓi, don ko dai kuɗin wata ne ba a rubuta mata ba, ko ragowa ce aka rage, kuma ragowar da aka rage a littafi ƙofa ce a buɗe ga duk mai son ɗauka.

In bambancin bai rabu gida tara ba, a raba shi biyu a gani. Misali an sami 30,000 tsakanin akwati da littafi. Rabinsa 15,000. Sai a tambaya, akwai 15,000 a zaman yau? Akwai, kuɗin da aka dawo da shi. Maimakon a rubuta shi a gidan shiga sai aka rubuta shi a gidan fita. Kuɗin da aka sa a gidan da ba nasa ba yana cizo sau biyu: ba a ƙara shi ba, kuma an cire shi. Shi ya sa bambancin yake ninkawa. In kuma bambancin ya yi daidai da wani kuɗi da kowa ta san an karɓa, kamar 300 na tara, to mantawa aka yi ba a rubuta ba.

Akwai wani sabon giɓi da iyayenmu na Maraɗi ba su sani ba. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin canjin Naira, mata da yawa suka saba da taransifa. Sai mace ta ce na tura wa ma'aji a waya, ko ɗana ya tura daga Kano, sakatariya ta rubuta, a buga mata hatimi, alhali kuɗin bai shiga akwati ba. Ba ina cewa ƙarya take ba. Amma a ra'ayina kada a buga hatimi sai kuɗi ya sauka kan tabarma. In ƙungiya ta yarda da taransifa, to a buɗe masa gida nasa a littafi, a rubuta asusun wa ya shiga, a kuma yanke tun farko wa zai biya ladan mai cirar kuɗi. In ba haka ba, ɗari nan, ɗari biyu can, ranar rabo za ku tarar da rami ba ku san wanda ya haƙa ba.

In an gano kuskure, ga yadda ake gyara. A ja layi ɗaya siriri a kan lambar yadda za a iya karanta ta, a rubuta ta daidai a gefe, sakatariya da shugaba su sa hannu ko su dangwala, a faɗa wa mata da baki. Ba a gogewa, ba a kankarewa da reza, ba a shafa farin ruwan gyara, ba a yage shafi. Da biro ake rubutu, ba da fensir ba. Kuma tun ranar da aka sayo littafi a bi shafukansa a sa musu lamba, don in ɗaya ya fita a gane.

Yanzu zan kawo muku kuskuren da ya fi ba ni tsoro, domin akwati ba ya kama shi. A ƙungiyarmu ta misali akwai Hauwa biyu, kamar yadda kusan kowace ƙungiya take da Hauwa biyu ko A'i uku. Mu kira su Hauwa mai ƙuli da Hauwa mai koko. Mai ƙuli ta zuba hannu uku, 1,500, sai aka rubuta a layin mai koko. A haɗa gidan zubi daga sama zuwa ƙasa, 23,000 cif. A ƙirga akwati, 39,800 cif. Kowa ta tashi tana hamdala. Amma an ɗauki guminta an ba wata, kuma in ba a kama ba har ranar rabo, ba 1,500 kaɗai za ta rasa ba, har da ribar da ya haifa. Wata shida bayan nan wa zai tuna abin da aka zuba a zama na 12? Sai rantse-rantse, sai gaba tsakanin gida biyu da ke ɗiban ruwa a rijiya ɗaya.

Kati ne kaɗai yake kama wannan. Shi ya sa kafin a rufe akwati ake kiran mata ɗaya bayan ɗaya. Sakatariya ta ce: lamba bakwai, yau hannu uku, jimlarki hannu 31. Mai katin ta ƙirga hatiminta, ko ta ba ta kusa da ita ta ƙirga mata, ta ce haka ne. Ku lura abu biyu ake faɗa, na yau da kuma jimla. Jimlar mace ita ma ragowa ce mai tafiya: ta wancan mako 28, a ƙara uku na yau, 31. In wancan mako 28 ce yau kuma aka ce 30 ko 33, a tsaya a nan. Kuma ku ba kowace mace lamba, a rubuta ta a katinta da layinta, a riƙa kira da lamba da suna tare. Gurbin da mace ba ta zuba ba a ja masa layi a kati, don kada a zo daga baya a cike shi da hatimi. Hatimin kansa cikin akwati yake kwana, ba a jakar kowa ba. Na san wannan kiran yana cin lokaci, ga girki na jira. Minti goma ne ko sha biyar. Ni dai ban ga abin da za a rage a zama ba da ya kai wannan tsada.

Mu zo shafin rance. A nan sai na ɗan tsaya, don na san ƙungiyoyinku ba ɗaya ba ne. Akwai masu ɗora wani abu kan rance duk wata, suna kiransa kuɗin hidima. Akwai waɗanda suka tambayi malamansu suka bar wannan gaba ɗaya saboda gudun kuɗin ruwa, suka koma saya wa mace kaya su sayar mata da riba sananniya, ko su sayi gyaɗa da riɗi da kaka su ajiye su sayar in sun yi daraja. Hukuncin wannan na malamai ne da dokar ƙungiyarku, ba nawa ba. Nawa shi ne, kowace hanya kuka bi, mai duba littafi ta san yadda layin ya kamata ya tafi.

Ga layin masu kuɗin hidima. Mace ta karɓi 20,000 na wata uku, doka ta ce biyar cikin ɗari duk wata a kan abin da ya rage. Wata na farko hidima 1,000, bashinta ya zama 21,000. Ta kawo 8,000, saura 13,000. Wata na biyu hidimar 13,000 ita ce 650, ya zama 13,650. Ta kawo 7,650, saura 6,000. Wata na uku hidima 300, ta kawo 6,300, an rufe. Duk abin da ta biya 21,950 ne, wato 1,950 ne ya hau kan uwar kuɗi.

Wuri biyu ake zamewa a wannan layi. Na farko, a cire 8,000 kai tsaye daga 20,000 a rubuta saura 12,000, an manta ba a ɗora hidima ba. Ƙungiya ta yi asarar 1,000, kuma ita ma wannan akwati ba zai nuna ba, don 8,000 ɗin ya shiga lafiya. Na biyu, a ci gaba da karɓar 1,000 duk wata kamar ba ta biya komai ba. A nan ita aka cuta: ta biya 3,000 maimakon 1,950, an ci mata 1,050. Akwai ƙungiyoyin da dokarsu ta ce a kan uwar kuɗin farko ake lissafi har a gama. In haka kuka rubuta, to haka za a yi wa kowa. Abin da mai duba take nema shi ne kada a yi wa ƙanwar shugaba lissafi a kan ragowa, a yi wa wata a kan uwar kuɗi. Ki ɗauki layin mata biyu da suka karɓi kuɗi ɗaya, ki jera su, ki gani.

Masu sayar da kaya da riba kuwa, layinsu ya fi sauƙi. Ƙungiya ta sayi buhu 20,000 ta sayar wa mace 22,000 zuwa wata uku. Bashinta 22,000 ne tun ranar farko, kuma ba ya ƙaruwa ko ta makara. Ragowarta sauka kawai take yi. In kin ga ta hau, kuskure ne. Abin dubawa a nan shi ne kuɗin saye: wa ya je kasuwa, su nawa, nawa aka saya, nawa aka ba mai mota da ɗan dako, kuma an rubuta a ranar ko sai da aka kwana biyu.

Sau ɗaya a wata, ko duk zama huɗu, a yi babban awo. Tambayar ita ce: duk dukiyar ƙungiya tana ina? Wuri biyu take, cikin akwati da hannun masu rance. In kuna da kaya a ajiye, wuri uku ke nan, a sa su a kan kuɗin da aka saye su, ba kuɗin da ake fatan sayarwa ba. A ƙungiyarmu, zuwa zama na 12 an zuba hannu 552, wato 276,000. Hidima da tara tun farko sun kai 21,800. An kashe 2,000 a kan littafi, biro da tawada. Saboda haka dukiyar ƙungiya 295,800 ce. A ɗaya gefen, akwati na da 39,800. To dole bashin da ke waje ya zama 256,000. Sai a bi shafin rance a haɗa ragowar kowace mai bashi, kowace kuma ta amsa da bakinta cewa haka ake bin ta. In an haɗa an sami 256,000, littafi ya tsaya da ƙafafunsa. In an sami 236,000, akwai rancen 20,000 da ya fita ba a buɗe masa layi ba, ko wanda aka rufe alhali ba a biya ba. Wannan awon ne yake tona rancen ɓoye, irin wanda ake cewa ba ni zan mayar kafin zama. Kuma wadda za ta yi awon kada ta zama sakatariya ko ma'aji. Ba don ana zarginsu ba. Mai rubutu in ta karanta rubutunta, abin da ta yi niyya take gani, ba abin da hannunta ya rubuta ba. Ku zaɓi mata biyu daga cikinku, ku riƙa canza su. In kuma ƙungiyarku ta yi rajista da hukuma a matsayin ƙungiyar gama kai, jami'in da zai zo duba littafinku wannan lissafin zai fara yi, gara ya tarar kun riga shi.

Sai ranar rabo. Ƙungiyarmu ta yi zama 40. An ƙirga hatimin duk katunan an sami hannu 1,840, littafi ma ya ce 1,840. Uwar kuɗin mata ke nan Naira 920,000. An karɓo basussuka, an sayar da kayan ajiya, an ƙirga, dukiya ta kama 1,104,000. Riba 184,000 ke nan. Ana raba dukiya duka da yawan hannu: 1,104,000 a raba gida 1,840, kowane hannu ya zama 600. Wato hannun da aka zuba 500 ya haifi 100. Mai hannu 150 ta zuba 75,000, za ta ɗauki 90,000. Mai hannu 40 ta zuba 20,000, za ta ɗauki 24,000. Hauwa mai ƙuli kuwa, da ba a kama kuskuren nan ba, hannunta uku 1,800 ne suka tafi gidan maƙwabciya.

Wani lokaci za ku ji an ce, ai tare muka sha wahala, a raba riba daidai wa daida. Ku san abin da hakan yake nufi kafin ku amsa. Riba 184,000 a raba wa mata 20, kowace 9,200. Mai hannu 150 za ta tashi da 84,200 maimakon 90,000, an rage mata 5,800. Mai hannu 40 za ta tashi da 29,200 maimakon 24,000. In dokarku ta ce rabo bisa hannu ne, ba ranar rabo ake canza ta ba, kuɗi na kan tabarma idanu sun yi ja. Haka nan ƙorafin da ake yi cewa wata ba ta zuba sosai ba sai a makonnin ƙarshe, amma hannunta ya sami riba ɗaya da na wadda ta zuba tun farko. Gaskiya ne, tsarin haka yake, bai duba daɗewar kuɗi. Iyakar hannu biyar ita ke rage wannan. In bai gamsar da ku ba, ku tattauna shi a farkon sabon zagaye.

Kuskuren da ya fi muni ranar rabo shi ne a ƙirga hannu ba daidai ba. A ce an tsallake katin mai hannu 40, don ta yi tafiya ko tana jego, aka raba da 1,800 maimakon 1,840. Kalkuleta za ta ba da 613 da 'yan kai. Kowa ta ji daɗi, hannu ya yi tsada. A fara biya, ta farko ta ɗauka, ta biyu ta ɗauka, har a zo kan ta ƙarshe a tarar akwati ya ƙare, kusan 24,000 babu. Kuma kun san kuɗin da ya shiga lalita ya fita ƙofar gida, dawo da shi sai an sha wuya. Maganinsa ɗaya ne: kada a miƙa wa kowa ko Naira ɗaya sai an rubuta rabon mata 20 ɗin duka a takarda, an haɗa, an ga ya yi daidai da kuɗin da ke ƙasa. Bayan haka a ƙirga na kowace a ajiye a kan katinta, duka ashirin ɗin a jere. Sai an ga kowane kati da kuɗinsa, babu saura babu giɓi, sannan a ce bismillah kowa ta ɗauka.

In akwai wadda ba ta gama biya ba, misali ana bin ta 6,300 kuma hannunta 60, to bashin nan yana cikin dukiyar da za a raba, a lissafa shi a ciki. Rabonta 36,000, a cire 6,300, a ba ta 29,700, a rubuta an rufe a gaban kowa. Kuma ba kullum lissafi yake faɗawa cif kamar 600 ba. In ya ba da 607 da 'yan kai, a sauko zuwa 605 ko 600, kada a hau sama, don in an hau kuɗin ba zai kai ba. Ɗan abin da ya rage a faɗi yawansa, mata su yanke ko ya shiga jakar taimakon juna ko ya zama ragowar buɗe sabon zagaye, a rubuta shi a layin farko na sabon shafi.

To, yanzu kowace ƙungiya ta fito da littafinta. Ku yi musaya, na Gwaram su karɓi na Birnin Kudu, na Birnin Kudu su karɓi na Gwaram. Ku buɗe zama uku na ƙarshe. Ku fara da ƙasan shafi da saman na gaba da shi, ku ga ko ragowar ta haye lafiya, sannan ku haɗa gidan zubi da kanku ba tare da kallon jimlar da aka rubuta ba. Wadda ta sami bambanci kada ta faɗi sunan kowa, ta ɗaga hannu ta faɗa mana lambar kawai, mu nemo ta tare.